Kwanakin ƙarshe na majinyaci: lissafin morfin da maganar da ake yi da iyali

Malama, ni ɗalibar aikin jinya ce a shekarar ƙarshe. An ba mu aikin rubutu kan yadda ake sassauta wa majinyacin da ya kusa rasuwa ciwo da sauran alamomi, da yadda ake magana da iyalinsa. Na jero magunguna a shafi ɗaya, hanyoyin magana a wani shafin, amma abin ya ƙi haɗuwa. Ta ina zan kama?

Ƙanwata, dalilin da ya sa ya ƙi haɗuwa shi ne kin raba abin da a bakin gado ba ya rabuwa. Duk lokacin da muka canza magani ga mai gargara, akwai wani a gefen gadon da yake kallo yana fassara abin da ya gani, kuma in ba ki ba shi fassarar ba, zai ƙirƙiro tasa. Shi ya sa shawarata ita ce ki ajiye jerin nan guda biyu, ki ɗauki majinyaci ɗaya, ki bi shi kwana bayan kwana, kina nuna abin da kika gani, abin da aka yi, da abin da aka faɗa wa iyali a daidai wannan lokacin. Bari in ƙaga miki ɗaya mu bi shi tare. Adadin magungunan da zan ambata irin waɗanda aka saba gani ne a littattafan wannan fanni; likita ne mai rubuta su, kuma a rubutunki ki daidaita su da ƙa'idar asibitin da kike koyo.

Dattijo ne mai shekara 64, kansar huhu ta bazu zuwa ƙashin baya da na ƙugu. An daina maganin da ake fatan ya warkar. Matarsa tana tare da shi dare da rana, babban ɗansa ne ke magana da ma'aikata, akwai kuma 'yarsa da ke zaune nesa, tana bugo waya. Yana shan morfin na ruwa miligiram 10 duk bayan awa huɗu, wato sau shida a yini, miligiram 60 ke nan cikin awa 24. Duk da haka ya ce ciwon yana nan.

Kafin ki taɓa lissafi, ki nuna a rubutunki cewa kin tambaye shi. Ina ne ke ciwo, wane iri ne, yana nuƙurƙusa ne ko yana soka kamar wutar lantarki, me ke tayar da shi, in an ce ya ba shi maki daga sifili zuwa goma nawa zai ba shi, kuma bayan ya sha maganin yana sauka zuwa nawa? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ɗalibai suka fi mantawa, alhali ita ke gaya miki ko morfin yana kama wannan ciwon ma. Idan ya ce daga takwas yana sauka zuwa uku sannan ya dawo kafin lokacin na gaba, maganin yana aiki, adadinsa ne ya yi kaɗan. Idan ya ce ko motsi ba ya yi, kuma ciwon yana zuga yana bin ƙafa, to wataƙila jijiya ce aka danne, kuma ƙara morfin kaɗai zai ƙara masa barci ne ba sauƙi ba. Sai a nemi likita ya duba wani maganin na daban.

A ce nasa na farkon ne. Ban da maganin da ake ba shi kan lokaci, akwai na ko-ta-kwana da yake nema idan ciwon ya taso a tsakani, kuma ana yawan ƙiyasta shi da kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini. Ɗaya cikin shida na 60 shi ne 10. Kika duba takardarsa kika ga jiya ya nemi ƙarin sau uku, shekaranjiya ma haka. Sai a haɗa: 60 da 30, ya zama 90. A raba 90 gida shida, sabon adadinsa na kan lokaci ya zama miligiram 15 duk awa huɗu, na ko-ta-kwana ma ya koma 15. Wannan ƙarin rabin adadin farko ne, kuma kusan nan ne iyakar abin da ake ƙarawa a tashi ɗaya. Akwai tarko guda a nan: in da a ce ƙarin ukun duk lokacin wanka ko juya shi ya neme su, yana kwance kuwa lafiya lau, ba a haɗa su cikin jimilla haka kawai. Ciwon ƙashi na motsi, dabararsa ita ce a ba shi maganin kamar minti talatin kafin a motsa shi. Idan aka ɗora shi kan na yau da kullum, sai ki same shi yana ta gyangyaɗi a lokutan da babu ciwon.

Tsarin nan na bayarwa ta baki, kan lokaci, ana hawa mataki-mataki, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da shi a 1986 don ciwon kansa, kuma ya dace ki ambace shi sau ɗaya. Kada kuma ki bar maganin sassauta bayan gida, kamar sena. Tashin zuciya da barcin da morfin ke kawowa da farko sukan lafa cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya lafawa muddin ana shan maganin. Mai duba takardarki in ya ga morfin bai ga wannan ba, ya san ba ki taɓa tsayawa kan majinyacin da ya kwana biyar bai zaga ba.

To, kina cikin auna miligiram 15 ɗin sai ɗan ya tare ki a bakin ƙofa: "Sista, na ga an ƙara. Ba wannan maganin ba ne ake cewa yana kama mutum? Kuma na ji in aka fara shi, shi ke nan." Abu mafi sauƙi shi ne ki ce masa ya kwantar da hankalinsa ki wuce. Kada ki yi. Tambayoyi biyu ya yi miki, na biyun kuma ba kan magani ba ne, tambaya yake ko mahaifinsa mutuwa zai yi. Ni abin da nake yi shi ne in nemi mu zauna, in fara da tambayarsa me ya fahimta game da inda ciwon ya kai. Daga amsarsa nake sanin inda zan ɗora. Sannan in ce masa: ana ƙara maganin ne gwargwadon ciwon, kaɗan-kaɗan, muna lura da numfashinsa da farkawarsa, idan aka bi shi haka, ba ya gajarta rai, abin da ke raunana Baba cutar ce. Sai in ba shi aiki: "In ka ga yana yamutsa fuska ko yana nishi, ka kira ni, kada ka jira lokacin magani." Ɗan da aka ba aiki ya daina kallon kwalbar magani kamar abokiyar gaba.

A wannan zaman ne yakan fito da ainihin buƙatarsa: "Don Allah kada ku gaya masa." A nan ɗalibai kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu, ko su rubuta cewa haƙƙin majinyaci ne a gaya masa, magana ta ƙare, ko su rubuta cewa a bi son iyali. Duka biyun gajerun hanyoyi ne. Ɗan nan ba mugu ba ne, ya san mahaifinsa shekara da shekaru, kuma tsoro yake kada labarin ya karya shi. Ki tambaye shi me yake tsoron zai faru in Baba ya sani. Ki saurara har ya gama. Sannan ki yi masa alkawarin da za ki iya cikawa: ba za mu ɗora masa labarin da bai nema ba, amma in ya tambaye mu kai tsaye ba za mu yi masa ƙarya ba. Daga nan a koma wurin dattijon da kansa, a tambaye shi ko shi mutum ne mai son a faɗa masa komai, ko ya fi so a yi magana da ɗansa. Idan ya ce a yi da ɗansa, zaɓinsa ne kuma an mutunta shi. A abin da na gani, da yawansu sun riga sun sani, jikinsu ya gaya musu, suna shiru ne don kada su tayar wa 'ya'yan hankali, su ma 'ya'yan suna shiru don kada su tayar masa. Kowa na ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani.

Idan malaminku na son ki rataya wannan a kan wani tsari sananne, akwai matakai shida na isar da labari mai nauyi da Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka wallafa a 2000: shirya wurin zama, jin abin da mutum ya sani, neman izininsa, ba da bayanin, karɓar abin da ya taso masa a zuciya, sannan tsara abin da za a yi. Ki yi amfani da su, amma ki nuna su cikin maganar da aka yi, kada ki jero su kamar karatun allo. Haka kuma Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967, ita ta koyar da cewa ciwon mai gargara ba na jiki ne kaɗai ba, ya haɗa da na zuciya, na iyali da na ruhi. Dattijon da ke kwana yana tunanin wa zai riƙe matarsa, makinsa na ciwo ba zai sauka yadda lissafi ya ce ba.

Bayan kwana goma al'amura suka sauya. Yana barci mafi yawan yini, ya daina tashi zaune, ruwa ma in ya kurɓa sai ya sarƙe. Kafin a ce ya shiga kwanakin ƙarshe, dole likita da ma'aikata su duba ko akwai abin da za a iya gyarawa, kamar wata cutar da ta shigo, ko hawan sinadarin kalsiyam a jini, wanda ba baƙo ba ne ga mai kansar ƙashi, ko kuma maganin ne ya yi yawa. Alamun morfin ya taru a jiki ki san su da kyau: gaɓoɓi na fizga, yana ganin abubuwan da babu su, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya ragu sosai, musamman in ya sauka ƙasa da takwas a minti. Wannan ya fi faruwa in ƙoda ta raunana, domin ita ke fitar da ragowar maganin, saboda haka raguwar fitsari abin lura ne. A irin haka ana rage adadin ko a canza zuwa wani, ba a ƙara ba. Dattijonmu ba shi da waɗannan. Numfashinsa 18 ne, cutar ce ke ci gaba.

Tunda ba ya iya haɗiya, ba a dakatar da morfin, hanya ake canza masa. Dakatar da shi kwatsam zai dawo da ciwon ga mutumin da ba ya iya faɗa, har da alamun yankewar magani. Daga baki zuwa allurar ƙarƙashin fata, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a raba biyu, ko da yake wasu wuraren uku suke rabawa. Miligiram 90 ya zama 45 cikin awa 24, ta ƙaramar na'urar nan mai tura allura a hankali. Na ko-ta-kwana ya zama ɗaya cikin shida na 45, wato 7.5. Inda babu na'urar, ana sa ƙaramar allura mai zama a ƙarƙashin fata a ba da 7.5 duk awa huɗu. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne a kwafi 90 yadda take a mayar allura, an ninka masa magani ke nan ba a sani ba. Ki rubuta cewa ma'aikata biyu ne ke duba lissafin. Kuma tunda ba ya iya ba da maki yanzu, fuskarsa za ki karanta: haɗe gira, nishi, ƙanƙame jiki lokacin juyawa.

Ga matar kuwa, na'urar ba ita ce damuwarta ba. Kwanon abinci ne. Za ta ce miki, "Kwana biyu bai sa komai a cikinsa ba, yunwa za ta kashe shi, ku sa masa ƙarin ruwa mana." A ganina wannan ita ce magana mafi wuya a duk jinyar, ta fi ta morfin, domin shekara arba'in da abinci take nuna masa kulawa, yanzu kuma an ce ta daina. Kada ki ce mata ta daina. Ki bayyana mata cewa ba rashin cin ne ke kai shi ba, jikin ne ya kai inda ba ya iya karɓar abinci, kuma in aka matsa masa zai iya bi ta hanyar huhu. Ƙarin ruwa ba haramtacce ba ne, ana iya gwadawa in akwai alamar ƙishi ko ruɗewa saboda bushewar jiki, a duba kullum. Amma ki faɗa mata gaskiya cewa yana iya ƙara kumburi da taruwar ruwa a ƙirji. Abin da ya fi damun mai gargara shi ne bushewar baki, wannan kuma hannunta ne zai fi iyawa. Ki nuna mata yadda za ta jiƙa ƙyalle mai tsabta ta shafa masa a leɓe da harshe, ta shafa masa mai a leɓe, in ya farka ya nuna yana so ta ɗiga masa kaɗan. Kin karɓe cokali, kin ba ta wani abin riƙewa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a tarihin aikinmu. A Ingila an daɗe ana bin wani tsarin kula da masu gargara da aka laƙaba wa sunan Liverpool, har wani bincike a 2013 ya ba da shawarar a daina shi, kuma cikin manyan koke-koken iyalai akwai cewa an hana 'yan uwansu ruwa, ko an sa su a tsarin ba tare da an gaya wa kowa ba. Jimla biyu kan wannan za su ƙara wa rubutunki nauyi.

Da dare ya fara fizge-fizge, yana jan zanin gado, yana ƙoƙarin sauka. Hannu yakan yi saurin zuwa ga maganin kwantarwa, amma ki fara da naki hannun: ki taɓa mararsa. Mafitsara cike da fitsarin da ya ƙi fita tana sa mutum haka, kuma robar fitsari ta warware shi cikin minti goma. Ki duba yaushe rabonsa da bayan gida, ko shimfiɗar ta jiƙe, ko ciwo ne, ko allurar na'urar ta goce. Sai an kawar da waɗannan ake zuwa ga midazolam, galibi ana farawa da miligiram 2.5 a ƙarƙashin fata, ko haloferidol in ruɗewa da gane-gane suka fi yawa. Kafin a ba shi, a gaya wa iyali cewa zai iya ƙara masa barci, domin in akwai mai son yi masa magana ya yi. Idan haki ne ya dame shi, a ɗaga kan gadon, a sa ƙaramar fanka tana kaɗa masa a fuska. Morfin ɗin da yake samu ma yana rage jin sarƙewar. Iskar oksijin ba ta cika ƙara komai ga wanda iskar jininsa ba ta yi ƙasa ba.

Sai kakari. Yawu da majina ne da ya daina iya haɗiyewa ko tarinsu, iska na bi ta cikinsu. Ana juya shi ya kwanta ta gefe, a goge abin da ya taru a baki. Zura robar zuƙa can cikin maƙogwaro wahala ce kawai. Ana ba da hayosin butilbiromaid miligiram 20 a ƙarƙashin fata, amma ki rubuta iyakarsa: yana rage sabon ruwan da ke fitowa ne, ba ya busar da wanda ya riga ya taru, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Mafi yawan maganin kakari bayani ne, kuma bayanin ya fi amfani in ya riga sautin zuwa. Tun da rana ki gaya musu cewa numfashinsa zai iya yin ƙara, zai iya tsayawa na ɗan lokaci ya dawo, hannu da ƙafa za su yi sanyi su canza launi. Sannan in ya fara ki ce su dubi fuskarsa: in goshi a sake yake, ba alamar yana shan wahala, ba kuma shaƙewa yake ba.

Ɗan zai tambaye ki yaushe ne. Kada ki ba shi rana, kada kuma ki fake da cewa ba wanda ya sani ki tsaya nan, domin yana tambaya ne don ya san ko ya kira ƙanwarsa. Muna auna saurin sauyin ne: wanda ke sauyawa daga mako zuwa mako, makonni ake zato, wanda ke sauyawa daga yini zuwa yini, kwanaki. Ki ce masa, "Yadda na ga Baba daga jiya zuwa yau, ina jin kwanaki ne kaɗan, zai ma iya zama awanni. Zan iya yin kuskure. Amma in akwai wanda ya kamata ya zo, ya taho yau." Sai ki yi shiru, ki bar shirun ya zauna, kada ki cike shi da magana. Ki kuma tambaye su ko akwai wani abu na addininsu ko na gidansu da suke so a yi, ko wanda suke so a kira, ki rubuta a takarda don mai karɓar aiki.

Abu na ƙarshe da nake so ya shiga rubutunki shi ne allurar da aka yi daf da rasuwa. A ce ƙarfe uku na dare kin ga yana haɗe gira yana nishi, kin ba shi 7.5 ɗin da aka rubuta, kafin ƙarfe huɗu rai ya yi halinsa. Tunda ana ba da magani a kai a kai, dole wata allura ta zama ta ƙarshe, amma iyalin da ba a shirya ba za su tafi gida da cewa ita ce ta kashe shi, sabuwar ma'aikaciya ma za ta kwana da wannan zargin a ranta. Don haka kafin ki yi ta, ki faɗa a fili: "Na ga alamar ciwo a fuskarsa, zan ba shi maganin da ya saba samu, adadin da ya saba. Ya yi nisa sosai, zai iya cikawa kowane lokaci, da allurar da babu ita." A takarda ki rubuta lokaci, alamar da kika gani, yawan numfashinsa kafin allurar, adadin da kika bayar, wanda ke ɗakin, da abin da kika gaya musu.